Gero da hatsi: yadda nauyin gaɓa ke tafiyar da karin rubutacciyar waƙa

Wata ranar Alhamis bayan la'asar, a zauren wani dattijon malami da muke ɗaukar karatu a wurinsa a nan Maraɗi, wani ɗalibi ya ciro littafinsa ya ce ya tsara baitoci a kan damina, yana so Malam ya saurara. Malam ya ce masa ya karanta a hankali, kada ya rera. Baitin farko ƙwar biyu ne, ga yadda yake:

Ruwa ya zubo mun fito mun yi shuka,
Gero ya tsiro duk gari an yi barka.

Yana karanta ɗango na farko Malam na buga yatsa a kan gwiwarsa, amma yana shiga na biyu sai yatsan ya tsaya. Ya ce, "Ɗana, cire gero ka sa hatsi." Ɗalibin ya ce, "Allah gafarta Malam, ai na ƙirga, kowane ɗango gaɓa goma sha biyu ne." Malam ya ce ƙirgen daidai ne, sai dai abin da ya ƙirga ba shi ake ƙirgawa ba.

A wurinmu gero da hatsi abu ɗaya ne, domin idan mutumin Maraɗi ya ce hatsi, gero yake nufi. Kalmomin biyu kowace gaɓa biyu gare ta, kuma ma'anar ɗangon ba ta motsa ko kaɗan ba da aka musanya su. Abin da ya bambanta su shi ne gaɓar farko: ge ta gero ana jan ta, ha ta hatsi kuwa ana wuce ta da sauri. Wannan ɗan bambanci, wanda rubutun boko bai nuna shi da komai ba, a kansa aka gina karin rubutacciyar waƙar Hausa.

Gaɓar Hausa siga uku gare ta, kuma kowace da baƙi take farawa. Akwai baƙi da gajeren wasali, kamar da, ko ta, ko zu ta zubo, wadda ita ce gaɓa marar nauyi, wasu kuma su ce sassauƙa. Akwai baƙi da dogon wasali ko tagwan wasali, kamar shu ta shuka da hau ta hauya. Sannan akwai baƙi da wasali da wani baƙin da ya rufe gaɓar, kamar mun da duk da bar. Waɗannan biyu na ƙarshe su ne masu nauyi, kuma a ma'aunin waƙa nauyinsu ɗaya ne, babu wadda ta fi wata. A littattafan makaranta ana taƙaita su da BW, BWW da BWB, inda B ke nufin baƙi, W kuma wasali. Kalmar nauyi kan ruɗi mai koyo har ya zaci ƙarfin murya ake nufi ko hawan sauti, alhali lokaci ake nufi: gaɓa marar nauyi tana cin lokaci ɗaya a baki, mai nauyi tana cin biyu. Karin sautin Hausa, wato hawa da saukar murya da ke raba wasu kalmomi, yana da aikinsa a daɗin rerawa, amma ba ya shiga wannan lissafi.

Akwai wuraren da ido ke yaudarar mai yanka gaɓa. Haruffa irin su ts da sh da ky da gw, ko da yake biyu-biyu ake rubuta su, kowanne baƙi ɗaya ne, saboda haka hatsi ana yanka ta ha-tsi, gaɓar farko a buɗe take kuma marar nauyi. Wanda ya yanka ta hat-si ya ƙirƙiri nauyin da babu shi. Baƙi mai ƙarfi kuwa, irin na hannu da babba, rabuwa yake yi biyu, rabi ya rufe gaɓar farko ya ba ta nauyi, rabi ya buɗe ta biyu. Kalmar da a rubuce ta fara da wasali, kamar an ta cikin baitin ɗalibin, da hamza take farawa a baki, don haka an gaɓa ce cikakkiya mai nauyi. Haka nan Hausa ba ta yarda dogon wasali ya zauna cikin rufaffiyar gaɓa, shi ya sa idan aka ɗafa wa gida -n aka ce gidan, wasalin ƙarshe yana gajercewa, nauyin gaɓar ya tsaya inda yake.

Idan muka sa alamar v ga marar nauyi, alamar – kuma ga mai nauyi, muka rubuta dogon wasali da harafi biyu don ido ya gan shi, ɗangon farko zai fito haka:

ru-waa yaa / zu-boo mun / fi-too mun / yi shuu-kaa
v – – / v – – / v – – / v – –

Gungu ɗaya ne ya maimaita kansa sau huɗu: marar nauyi ɗaya, masu nauyi biyu. Wannan gungu shi ake kira ƙafa, kuma masana aruli, wato ilimin auna karin waƙa, suna tuna wannan ƙafar da kalmar fa'uulun, wadda ita kanta gaɓoɓinta haka suke jere. Karin da ake samu daga maimaita ta shi ne Mutaƙarab, ɗaya daga cikin karuruwan da Halilu ɗan Ahmad na Basra ya tsara wa waƙar Larabci a ƙarni na 8, su goma sha biyar, kafin a ƙara na goma sha shida daga baya. Malaman ƙasar Hausa da suka yi karatun waƙoƙin Larabci sun tarar harshensu ma yana raba dogon wasali da gajere, yana kuma da rufaffiyar gaɓa, don haka ma'aunin ya zauna masa ba tare da an tilasta shi ba. A lura kuma cewa ƙafa ba ta bin iyakar kalma: mun ta farko ta bi zubo, yi kuma ta rabu da mun ta koma wajen shuka.

Ɗango na biyu, yadda ɗalibin ya fara rubuta shi, da gee-roo yaa ya buɗe, wato – – –, masu nauyi uku a jere. Kowace ƙafa ta Mutaƙarab lokaci biyar take ci, ɗaya da biyu da biyu, wannan kuwa ta ci shida. Amma ɓarnar ta wuce ƙarin lokaci ɗaya. Gaɓar nan marar nauyi da ke buɗe kowace ƙafa ita ce ke gaya wa kunne inda ƙafa ta fara, kamar ɗan tsallen da mutum ke yi kafin ya taka ƙasa da ƙarfi. Da ta ɓace a farkon ɗango, mai sauraro ya rasa inda zai kama, sai ya kai tsiro kafin ya gane karin bai canja ba. Da aka sa hatsi, ɗangon ya koma ha-tsii yaa / tsi-roo duk / ga-rii an / yi bar-ka, yatsan Malam kuma ya ci gaba da bugawa. Da ɗalibin gyaɗa ya shuka, da ta shiga gurbin lafiya lau, tunda gya gajera ce, ɗa kuma doguwa. Wake da dawa kuwa matsalarsu ɗaya da gero.

Ambaton dawa ya kawo mu ga dalilin da ya sa masu tsara waƙa na yanzu suka fi na da faɗawa wannan rami. Dawa da ake ci, daa-waa ce, masu nauyi biyu. Dawa ta jeji kuwa, wadda ake cewa ya shiga dawa, gajeru biyu ce. A boko haruffa huɗu ne iri ɗaya, babu abin da ya raba su sai ma'anar jimla. Wanda ya yi rubutu da ajami yana da abin da zai taimake shi, domin alifi da wawu da ya suna nuna jan wasali, ɗauri yana nuna baƙin da ya rufe gaɓa, shadda kuma tana nuna baƙi mai ƙarfi, ko da yake ba kowane marubucin ajami ne ke kiyaye su a kowane wuri ba. Malamin zaure yana ganin nauyin a kan takarda tun kafin ya buɗe baki. Ɗan boko kuwa dole ya nemo shi a kunnensa, kuma idan bai san akwai abin nema ba, sai ya koma ƙirga gaɓoɓi ko ya duba ko ɗangogin sun yi tsawo ɗaya a kan layi. A ganina wannan shi ne tushen yawancin baitocin da ke ɗingishi a rubuce-rubucen matasa, ba ƙarancin hikima ba, domin sau da yawa ma'anarsu da amsa-amonsu ba su da laifi.

Mai lura zai ce ai barka ma gajeren wasali ne a ƙarshenta, kamar yadda ake ji a barka da yamma, ga shi kuwa ta zauna a gurbin gaɓa mai nauyi. Gaskiya ne, kuma ba laifi ba ne. Gaɓar ƙarshen ɗango ana ɗaukar ta mai nauyi ko yaya take, saboda tsayawar da mai karatu ke yi a wurin tana cika lokacin da ya rage. Wannan sassauci na ƙarshen ɗango ne kaɗai. A tsakiya akwai wani sassaucin daban, irin wanda masana ke kira zihafi, inda ƙafar fa'uulun ke iya rasa nauyin gaɓarta ta uku ta koma fa'uulu, wato v – v. Sunan garinmu ma ta wannan ƙofa yake shiga:

Maraɗi gari ne na noma da kiwo
ma-raa-ɗi / ga-rii nee / na noo-maa / da kii-woo
v – v / v – – / v – – / v – –

Kunne yana karɓar wannan ba tare da ƙorafi ba, domin farkon ƙafar, marar nauyi da mai nauyi a bayanta, yana nan daram, kuma shi ne turken da ƙafar ke ɗaure a jikinsa. Abin da aka taɓa wutsiya ce. Gero kuwa turken ya taɓa, shi ya sa ƙarin lokaci ɗaya a can ya zama karaya, ragin lokaci ɗaya a nan kuma ya zama ado.

Daga nan ake gane cewa kari yana zaɓar wa mawaƙi kalmomi, har ma da wurin da zai ajiye su. Katsina gaɓa uku ce, dukansu gajeru. A Mutaƙarab, ko an yi zihafi, marasa nauyi ba sa wuce biyu a jere, wutsiyar ƙafa ɗaya da kan ta gaba. Saboda haka sunan Katsina a tsurarsa ba shi da mazauni a tsakiyar ɗango. Dabara biyu ta rage wa mawaƙi. Ko dai ya ɗafa masa baƙi a ƙarshe ya ce Katsinar wane, gaɓa ta uku ta yi nauyi, ko kuma ya kai shi ƙarshen ɗango inda tsayawa za ta yi masa wannan aiki, kamar a ce "Fatake da dama suna Katsina": fa-taa-kee / da daa-maa / su-naa ka / tsi-na. Ƙafar ƙarshe a nan an datse ta ta koma v –, abin da ya halatta a wannan kari kuma mawaƙa ke yawan yi. Idan mutum ya ga mawaƙi ya juya jimla ta yadda ba a saba magana ba, ya kai suna can ƙarshe ko ya jawo shi gaba, sau da yawa irin wannan lissafi ne a ƙarƙashi.

Wurin da al'amarin ya fi ba ni sha'awa shi ne inda nauyi ya haɗu da nahawu. A "Ruwa ya zubo" kalmar ya doguwa ce, yaa, domin labari ake bayarwa kai tsaye cewa abu ya faru. Da zarar an sa da a gaba aka ce "Da ruwa ya zubo", sai ya ta gajarce, ko da yake rubutunta bai canja ba, haka kuma mun takan koma muka. Ga abin da wannan ɗan canji ke haifarwa:

Da ruwa ya zubo muka je gona,
Muka bar hauya da tsakar rana.

da ru-waa / ya zu-boo / mu-ka jee / goo-naa
v v – / v v – / v v – / – –
mu-ka bar / hau-yaa / da tsa-kar / raa-naa
v v – / – – / v v – / – –

Kusan kalmomin ɗalibin ne, maganar ma ta damina ce, amma kari ya zama wani daban. Wannan shi ne Mutadarak, karin nan na goma sha shida, a sigar da mawaƙan Hausa suka fi amfani da ita, inda ƙafa ke zuwa ko dai v v – ko kuma – –. Ɗango na farko gaɓa goma sha ɗaya ne, na biyu goma, duk da haka babu wanda zai ji ɗaya ya fi ɗaya tsawo, domin kowace ƙafa lokaci huɗu take ci, kowane ɗango kuma goma sha shida. Marasa nauyi biyu sun tsaya a madadin mai nauyi ɗaya. Wannan ita ce amsar da ta fi dacewa da hujjar ɗalibin: ɗangoginsa biyu gaɓoɓinsu sun yi daidai amma kari ya karye, waɗannan kuma gaɓoɓinsu sun saɓa amma kari ya tsaya.

A nan ne kuma mawaƙi ke samun ikon sarrafa saurin waƙarsa. Ƙafa mai v v – gudu take yi, kamar sukuwa, mai – – kuwa takawa take yi da nauyi. A ɗangon farko ƙafa uku sun yi gudu zuwa gona sannan ta huɗu ta tsaya. A na biyu an sa hauya a ƙafa mai nauyi tun a tsakiya, sai tafiyar ta lafa daidai inda ake maganar ajiye aiki. Ban ce kowane mawaƙi yana zama ya shirya haka da gangan ba, amma wanda kunnensa ya goge yakan ji inda ɗango ke bukatar ya ja numfashi. Shi ya sa ake ganin gajerun siffofi irin su yai a madadin ya yi, da min a madadin mini, da ɗau a madadin ɗauki. Wasunsu suna haɗe marasa nauyi biyu su zama mai nauyi ɗaya ba tare da lokaci ya ragu ba, kamar mini da min, wasu kuma suna rage lokacin, kamar ɗauki da ta koma ɗau.

Sai dai wannan musaya tana da iyaka, kuma nan ne masu rabin sani ke tuntuɓe. Ba a kowane kari ake canja mai nauyi da marasa nauyi biyu ba, kuma ko inda ake yi, ba a kowane gurbi ba. A Mutadarak rabin farko na ƙafa ne ke karɓar musayar, rabin ƙarshe yana zama mai nauyi. A Kamil, mai ƙafar mutafaa'ilun, wato v v – v –, gajerun biyu na farko su ne ke iya haɗewa ta koma – – v –, sauran ba a taɓa su. A Mutaƙarab kuwa ƙa'idar aruli ba ta ba da wannan dama ba. Wanda ya cire mun daga "zubo mun fito" ya sa muka, lissafin lokacinsa bai canja ba, biyar ne har yanzu, amma ya jera mu da ka da fi, marasa nauyi uku, kunne kuma ba zai ƙara gane wacce ce kan ƙafa ba. Daidaiton lokaci sharaɗi ne guda, jerin gaɓoɓin kuma sharaɗi ne na biyu, kowane kari da yadda yake haɗa su.

Dalilin da ya sa Malam ya hana ɗalibin rerawa tun farko yana da alaƙa da wannan. Mai murya yana iya ɓoye karaya: ya haɗiye ge ta gero da sauri har ta yi kama da gajera, ko ya ja wasalin da ba a ja don ya cika gurbi. A bakinsa waƙar za ta tafi, amma rubutacciyar waƙa ana tsara ta ne don wani ma ya ɗauka ya rera, kuma shi wannan na biyun da yadda kalmar take a harshe zai furta ta. Hanyar gwaji mai sauƙi ita ce mutum ya faɗi ɗangon da muryar magana, ya rubuta kowane dogon wasali da harafi biyu, ya yanka gaɓoɓi, sannan ya sa alamomi. Inda ya yi shakkar tsawon wasali, sai ya sa kalmar cikin wata jimla ta yau da kullum ya saurari kansa, kada ya gwada ta ita kaɗai, domin wasalin ƙarshe yakan rikita kunne idan aka tsaya a kansa. Aikatau ma sai an gwada shi tare da abin da ke biye da shi, tunda a "ya kama shi" ma doguwa ce, a "ya kama ɓarawo" kuwa gajera ce.

Saura batun karin harshe, wanda ya shafe mu a nan fiye da mutanen wasu wurare, domin Katsinanci da Gobiranci maƙwabtan juna ne tsakanin Maraɗi da Tsibiri, ga kuma daidaitacciyar Hausa da ake karantawa a littattafai. Wasu bambance-bambancen ba su taɓa kari ko kaɗan. Wanda ya ce zamna da wanda ya ce zauna, ko amre da aure, ko sabka da sauka, duk da gaɓa mai nauyi suka fara, ɗaya rufaffiya ɗaya mai tagwan wasali, saboda haka mai kwafe waƙa zai iya musanya su ba tare da ya yi wa ma'auni lahani ba. Wasu kuwa suna rushe ɗango gaba ɗaya. Bagobiri ko Basakkwace zai faɗi ɗangonmu na Mutadarak da cewa "Da ruwa yaz zubo munka je gona". Ya ta rufe da baƙi ta yi nauyi, mu ta muka ita ma ta zama mun, sai jerin ya koma v v – – v – – v – – –, wanda ba ya yankuwa zuwa ƙafafu huɗu masu lokaci huɗu-huɗu ko ta yaya aka juya shi.

Hakan yana aiki ta ɗaya ɓangaren ma, kuma can ne ɓarnar ta fi yawa. Da yawa daga cikin tsofaffin rubutattun waƙoƙi na ƙarni na 19 da Hausar yamma aka tsara su, da munka da sunka da anka, kuma mawaƙan sun auna waɗannan kalmomi a matsayin mai nauyi da marar nauyi. Idan mai juya waƙar daga ajami zuwa boko ya ga sunka ya mayar da ita suka da niyyar gyara, ya cire lokaci ɗaya daga ɗangon, kuma a karin da turkensa ya faɗa kan wannan gaɓa ya karya ƙafar. Saboda haka idan aka ci karo da ɗango mai ɗingishi a tsohuwar waƙa da aka buga da boko, kafin a ɗora wa mawaƙin laifi yana da kyau a mayar da suka zuwa sunka, a mayar da ya zo zuwa yaz zo, sannan a sake aunawa.